Yadda ake tara dogon jerin lambobi da hannu ba tare da riƙo ya salwanta ba

Na yi 'yan shekaru ina riƙe littafin awo a wani sito da ake sayen riɗi a kasuwar Dawanau, a Kano. Aikina shi ne in tsaya bakin sikeli in rubuta nauyin kowane kaso da aka kawo, in yamma ta yi in tara su duka in gaya wa maigida kilo nawa ya shiga. Muna da kalkuleta, amma idan ka danna lamba goma sha biyu a jere yatsanka ya zame a ta bakwai, ba za ta nuna maka inda ya zame ba, jimilla kawai za ta miƙo maka. Takarda kuwa tana ajiye sawun kowane mataki. Shi ya sa maigida ya ce kullum a fara da fensir, kalkuleta ta zo daga baya ta ba da shaida.

Abin da na lura da shi a wancan zaman shi ne, da wuya mutum ya kasa haɗa bakwai da takwas. Inda ake tuntuɓe shi ne a tsakanin layuka biyu, wajen tsallakar da abin da ya yi rara daga wannan gida zuwa na gaba. A firamare muna cewa "rubuta biyu, riƙe ɗaya". Wannan abin da ake riƙewa shi zan riƙa kira riƙo a nan.

Ga awon wata rana, kaso goma sha biyu, duka a kilo, kamar yadda aka kira mini su: 1,487, 968, 2,356, 79, 1,805, 694, 3,278, 547, 1,069, 86, 2,933, 758. Da su za mu yi aiki har ƙarshe.

Mataki na farko: jera su ta dama

Kowace lamba tana da gidanta. Daga hannun dama, gida na farko na ɗai-ɗai ne, na biyu na gomomi, na uku na ɗaruruwa, na huɗu na dubbai. Bakwai da ke cikin 79 saba'in ce, bakwai da ke cikin 758 kuwa ɗari bakwai ce. Idan suka faɗa layi guda, lissafi ya lalace tun ba a fara ba.

To sai ka jera su yadda wutsiyar kowace lamba za ta tsaya daidai ƙarƙashin wutsiyar ta samanta. Hannu ya saba fara rubutu daga hagu, don haka gajerun lambobi irin 79 da 86 su ne ke gudu su manne a hagu. In kana da littafin lissafi mai gida-gida, ba kowane adadi gida ɗaya. In babu, juya takarda mai layi a kwance, layukanta su koma a tsaye, ka samu ginshiƙai a shirye. Ka bar fili kamar layi biyu a sama, can za a rubuta riƙo.

```
  1,487
    968
  2,356
     79
  1,805
    694
  3,278
    547
  1,069
     86
  2,933
    758
 ------
```

Kafin ka taɓa komai, ƙirga layukan. Goma sha biyu aka kira, goma sha biyu ke kan takarda? Minti ɗaya bai cika ba, amma ya fi ƙarfin awa guda ta neman kason da aka tsallake. Ka kuma duba rubutunka: ɗayan da ya yi kama da bakwai, da sifilin da bakinsa bai rufe ba har ya zama kamar shida, gyara su yanzu.

Mataki na biyu: gidan ɗai-ɗai

Daga dama ake farawa, saboda rara kullum hagu take tafiya. Ɗora kan fensir a kan 7 na sama ka gangaro, kana faɗin jimillar da ka kai kawai. Kada ka ce "bakwai a tara da takwas ya zama sha biyar, sha biyar a tara da shida ya zama ashirin da ɗaya". Yawan maganar nan ne ke sa a manta inda aka tsaya. Ka ce kawai:

7, 15, 21, 30, 35, 39, 47, 54, 63, 69, 72, 80.

Tamanin. Tamanin kuwa gomomi takwas ne cif, ba ko ɗaya a kai. Don haka a ƙarƙashin layi, a gidan ɗai-ɗai, sai ka rubuta 0. Sifilin nan dole ne a rubuta shi, shi ke tsare gidan. Takwas ɗin kuma ita ce riƙo, ka rubuta ta ƙarama a saman layin gomomi nan take, tun fensir bai bar takarda ba.

Dubi riƙon nan da kyau: takwas ne. Da yawanmu mun taso da "riƙe ɗaya" a baki har muka ɗauka riƙo kullum ɗaya ne. Dalili shi ne a aji lamba biyu ake ba mu mu tara, kuma lamba biyu ba sa taɓa ba da riƙon da ya wuce ɗaya, tunda tara da tara sha takwas ne, ko an ƙara riƙo sha tara. Da jeri ya yi tsawo sai labari ya sauya. Wanda ya riƙe ɗaya a nan maimakon takwas zai ƙare da 15,990, ya zubar da kilo saba'in na mutane.

Akwai iyaka da za ta taimake ka: riƙo ba ya taɓa kaiwa yawan lambobin da kake tarawa. A jeri mai lamba goma sha biyu, ko da duk tara-tara ne, riƙo ba zai haura sha ɗaya ba. In kana tara lamba biyar ka ga kana riƙe da shida, tsaya, ka yi kuskure a layin.

Mataki na uku: gidan gomomi, a fara da riƙo

Wasu sukan bar riƙo sai sun gama layi sannan su ƙara shi. Ni ban yarda da wannan ba. Wani ya yi maka sallama, ko ɗan dako ya tambaye ka inda zai sauke buhu, ka dawo ka rubuta jimilla, riƙo na can sama yana kallonka. Ka mai da shi lamba ta farko a layin, da shi za ka buɗe baki:

8, 16, 22, 27, 34, 34, 43, 50, 60, 68, 71, 76.

Abu biyu sun faru a nan. Da na iso 1,805, gidan gomominsa sifili ne, amma duk da haka na taɓa shi da fensir na maimaita 34, don ido da baki su ci gaba da tafiya tare. Sannan da na kai 50, na ga 4 na 547 da 6 na 1,069 suna maƙwabtaka, sai na ɗauke su a matsayin goma guda na tsallaka 60. Wannan dabara tana da daɗi idan lambobin biyu suna jere da juna. Amma kada ka tafi farautar abokin goma can ƙasan layi, ka ce za ka tuna ka tsallake shi in ka iso. Ba za ka tuna ba. In har sai ka yi, sa ɗan ɗigo a gefen duk wadda ka riga ka ɗauka.

Jimilla 76. Rubuta 6, riƙe 7.

Nan ne wani tarko yake. Baki yana cewa "saba'in da shida", bakwai ke fara fita, hannu kuma yakan bi baki ya rubuta 7 a ƙasa, ya kai 6 sama. Ya taɓa faruwa da ni, kuma na kai jimillar gaban maigida a haka. Da lambobin nan, wannan juyin yana ba da 15,970, wato an rasa casa'in. Ƙa'idar ita ce adadin dama shi ke zama a gida, duk abin da ke hagunsa shi ke tafiya. In hannunka na yawan yin wannan, rubuta 76 ɗin gaba ɗaya a gefen takarda, ka ja ɗan layi tsakanin 7 da 6, sannan ka rarraba su.

Mataki na huɗu: ɗaruruwa da dubbai

A gidan ɗaruruwa, 79 da 86 ba su da komai, giɓi ne. Ido yakan so ya cike giɓi da lambar da ke kusa, don haka ka ɗora rula ko gefen wata takarda a tsaye ta rufe layukan da ka gama. A fara da riƙo 7:

7, 11, 20, 23, 31, 37, 39, 44, 44, 53, 60.

Sittin. Rubuta 0, riƙe 6. Sai dubbai, su shida ne kacal: 6, 7, 9, 10, 13, 14, 16. Babu sauran layi a hagu da za a kai wa riƙo, don haka 16 za a rubuta ta duka.

```
  riƙo:   6 7 8
  amsa: 1 6,0 6 0
```

Kilo 16,060, wato tan goma sha shida da kilo sittin.

Ka lura dubban da ke rubuce a jerin goma ne kawai. Sauran shidan duk daga riƙo suka fito. Wanda ya manta riƙon ƙarshe zai ce 10,060, tan shida sun ɓace a kan takarda alhali suna jibge a sito.

Idan layi ya haura ɗari

A jeri mai lamba ashirin ko talatin, layi ɗaya kan iya kaiwa, a ce, 127. Mutane kan rikice a nan, su rubuta 27 su riƙe 1, ko su rubuta 7 su riƙe 2. Ƙa'ida ba ta sauya ba. Bakwai ta zauna, 12 gaba ɗayanta ta hau saman layi na gaba, ka fara ƙirga daga sha biyu. Ɗari da ashirin gomomi goma sha biyu ne, shi ke nan.

Amma gaskiya in jeri ya wuce lamba goma sha biyar, gara a raba shi. Ja layi bayan kowace shida ko goma, ka fitar da ƙaramar jimilla a gefen dama, nesa da ginshiƙin don kada ta shiga cikin lissafi sau biyu. A misalinmu, shidan farko sun ba da 7,389, shidan ƙarshe 8,671, haɗuwarsu 16,060. Amfanin rabawa shi ne in kuskure ya fito, rabin jeri za ka sake bi. Haka ake yi in shafi ya cika: jimillar shafin ta koma layin farko na sabon shafi, a rubuta "daga baya" a gefenta. Wannan ma riƙo ne, babba, kuma wajen kwafe shi ake yawan juya lambobi.

Hanyar da ba a riƙe komai a ka

Ranar da kasuwa ta cika, ana ta katse ni, wata hanya nake bi. Kowane layi in tara shi shi kaɗai, ba tare da riƙo ba, in rubuta jimillarsa cikakkiya da sifilan da suka dace da gidansa. Ɗai-ɗai sun ba da 80. Gomomi 68, wato 680. Ɗaruruwa 53, wato 5,300. Dubbai 10, wato 10,000.

```
      80
     680
   5,300
  10,000
  ------
  16,060
```

Ta fi cin takarda, amma kowane layi yana tsaye da ƙafarsa. In an kira ka tsakiyar ɗaruruwa, ɗaruruwa kaɗai za ka sake. In kuma kuskure yana gomomi, bai shafi ɗaruruwa ba, saɓanin hanyar farko inda riƙo mara kyau ke bin sauran layuka ya ɓata su. Ga wanda ke koyo ma tana nuna masa daga ina riƙon nan yake fitowa.

Mataki na biyar: tabbatarwa

Kada ka sake tarawa ta hanyar da ka bi da farko. Idan kanka ya ce 47 da 7 hamsin da uku ne, in ka sake isowa wurin da 47 a baki, hamsin da uku zai sake ce maka. Hau daga ƙasa zuwa sama, lambobin su haɗu da sababbin abokai. Layin ɗai-ɗai daga ƙasa: 8, 11, 17, 26, 33, 41, 45, 50, 59, 65, 73, 80. Ya dawo tamanin. Haka za ka bi sauran layukan, kuma tunda riƙon kowanne yana rubuce a sama, kana iya duba kowane layi daban.

Sai ƙiyasi. Mai da kowace lamba ɗarin da ya fi kusa da ita: 15, 10, 24, 1, 18, 7, 33, 5, 11, 1, 29, 8. Sun ba da ɗari 162, wato 16,200. Amsarmu 16,060 tana nan kusa. Ƙiyasi ba ya kama kilo goma ko saba'in, amma 10,060 ba za ta wuce ta gabansa ba.

Na uku shi ne gwajin lamba 9. Kowace lamba ka haɗa adadanta, ka sake haɗa abin da ya fito har ya rage adadi ɗaya. Misali 1,487: ɗaya da huɗu da takwas da bakwai ashirin ne, biyu da sifili kuma 2. In ka yi wa duka goma sha biyun haka za ka samu 2, 5, 7, 7, 5, 1, 2, 7, 7, 5, 8, 2. Haɗa su, 58. Biyar da takwas 13. Ɗaya da uku 4. Yanzu amsar: 16,060 ta ba da 13, ita ma 4. Sun dace. Abin da ya sa gwajin ke aiki shi ne goma, ɗari, dubu, kowanne in aka raba shi da tara saura ɗaya yake bari, don haka lamba da jimillar adadanta saura guda suke bari.

Gwada shi a kan 15,990, amsar mai riƙe ɗaya: 24, sai 6. Ba ta dace da 4 ba, an kama ta. To amma gwada 15,970, ta wanda ya juya 7 da 6: 22, sai 4. Ta wuce lafiya lau, alhali kuskure ce. Duk kuskuren da girmansa ke rabuwa da tara daidai, gwajin nan ba ya ganinsa. Saboda haka in bai dace ba, tabbas akwai kuskure, in kuma ya dace, ba wanke ka ya yi ba. Ni ban taɓa barinsa ya maye gurbin hawa daga ƙasa ba.

Idan jimilla biyu suka saɓa

A ce takardarka ta ba da wani abu, littafin mai kaya ko kalkuleta ya ba da wani. Kafin ka sake komai, ɗebe ƙaramar daga babbar ka dubi bambancin, yakan faɗi inda ɓarnar take.

In bambancin adadi ɗaya ne da sifilai a bayansa, kamar 10, ko 70, ko 100, ko 6,000, matsalar tana layi guda, kuma yawan sifilan ya nuna maka layin. Sifili ɗaya, gomomi. Sifili uku, dubbai. Fara da duba riƙon da ke saman wannan layin.

In bambancin ya yi daidai da ɗaya daga cikin lambobin jerin, kamar 547, to an tsallake ta ko an tara ta sau biyu.

In ba haka ba, raba bambancin da tara. Idan ya rabu ba saura, abu biyu ake zargi. Ko dai an juya adadai biyu maƙwabta wajen kwafa, ko lamba ta zame daga gidanta. Wanda ya kwafe 694 a matsayin 649 zai samu giɓin 45, kuma 45 raba tara biyar ne, daidai tazarar da ke tsakanin 9 da 4. Sai ka bi jerin kana neman inda adadai biyun ƙarshe ke da tazarar biyar. Wanda kuma 79 ɗinsa ta zame hagu ta zama 790 zai samu 16,771, bambanci 711. Raba 711 da tara, 79 ce za ta fito da kanta, ta nuna maka mai laifin.

Wata rana na yi kusan awa ina sake tara shafi guda, sama da ƙasa, amsa ɗaya take ba ni, ta mai kaya kuma daban. Tarawata daidai ce, kwafata ce ba daidai ba. Wani dattijo mai riƙe littafi a siton da ke kusa da namu ya leƙo ya ce, "Yaro, nawa ne tsakaninku?" Na ce, "Ɗari da tamanin, Baba." Ya ce, "Raba da tara." Na ce ashirin. Ya ce, "To nemi inda ɗari da goma suka yi musanya, tsakaninsu biyu." Ai kuwa sai ga ta, 2,356 na rubuta ta 2,536.

In kuɗi ne ko lokaci

Naira da kwabo ba su da wata sabuwar ƙa'ida. Ka jera ɗigon da ke raba su a layi ɗaya, lambar da ba ta da kwabo ka cike mata da .00, ka fara daga dama kamar kullum. Riƙo yana tsallake ɗigon kamar babu shi, domin kwabo ɗari ne naira ɗaya. Magabatanmu da suka riƙe littafi kafin naira ta zo a 1973 sun fi mu shan aiki: kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam, kowane layi da nasa ma'aunin riƙo.

Irin wannan yana nan har yau a lissafin lokaci. In kana tara awannin aikin leburori, layin mintoci ya ba ka 135, kada ka rubuta 35 ka riƙe 1. Minti sittin ne awa, don haka 135 awa biyu ce da minti 15: rubuta 15, ka kai 2 saman layin awanni.